Hannun Yaro na Biyu

Duk wanda ya zauna a Zongon Sokode a shekarun nan na mulkin soja ya san Malam Wahabu mai rubuta wasiƙu, wanda ke ajiye teburinsa a gindin mangwaro kusa da gidan waya. A Camba aka haife shi. Ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya yi shekara huɗu a makarantar boko, sannan ya yi malantar awon gyaɗa a Mango har sai da ya gaji da ƙaiƙayin buhu, ya dawo Sokode ya sayi teburi. Faransanci yana bakinsa, Hausa da Kotokoli nasa ne, Fulatanci kuwa yana ji daidai wanda ba za a zage shi ya ce amin ba.

Aibinsa ɗaya, bai iya gajeren zance ba. In ka tambaye shi ina hanyar kasuwa, sai ya fara da wanda ya sari kasuwar. Wata tsohuwa ta taɓa sa shi ya rubuta wa ɗanta da ke Lome cewa akuyarta ta mutu, sai ga shafi uku, ɗan ya taso hankali a tashe yana zaton uwar ce. Matarsa Husseina mai koko da ƙosai takan ce in Malam ya fara labari sai ta ɗora wake, kafin ya kai ƙarshe ya nuna.

To irin wannan mutum aka kawo wa aikin taƙaitawa, a shekarar 1984.

Akwai wata ƙungiya ta mahauta da masu fataucin shanu da suke kira koferatif, mutum tamanin, rabi a Sokode rabi a Dafango. Kowa yana da hannun jari a ciki, daga asusun ake ba mutum bashi ya sayi dabba ya biya wata-wata. Babban taro sau ɗaya ne a shekara, bana nan baɗi can. A waccan shekarar a Dafango aka yi, kuma ana saura kwana biyu sakataren ƙungiya ya faɗo daga kan babur ya karya hannun dama. Shugaba, Alhaji Mahama, babban dillalin shanu mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, ya ce ba komai, zamani ya zo. Ya ɗauki rakodarsa da kaset uku, ya girke ta tsakiyar taro kamar baƙuwar girma.

Da aka dawo, jami'in da ke kula da ƙungiyoyi a ofishin gwamnati ya ce shi ba ya karɓar kaset. Takarda yake so, shafi biyu kada ta wuce, ta nuna mutum nawa suka zo, me aka yanke, da ƙuri'a nawa aka yanke shi, da sa hannun shugaba da na sakatare. In ba haka ba, dokokin da aka sauya ba su sauyu ba.

Shi ne Alhaji Mahama ya zo gindin mangwaro da rakoda a hammata.

"Malam Wahabu, kai ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ka bin kowa ba a bin ka, shi ya sa na zo. Abu uku muka sauya. Hannun jari ya tashi daga jaka biyu zuwa biyu da rabi. Bashi ba ya wuce ninki uku na jarin mutum, kuma sai da mutum biyu masu tsaya masa. Na uku, wanda ya yi wata biyu bai biya ba, a cinye jarinsa a sallame shi. Ka saurara ka rubuta. Shafi biyu."

"Alhaji, da yake ka ambaci shafi biyu, akwai wani Bature a Mango zamanin da..."

"Shafi biyu," in ji Alhaji, ya ajiye jaka guda, wato sefa dubu, kafin alƙalami, ya yi gaba.

Labarin doka ta uku ya riga rakodar isowa Sokode. Mahauta uku har sun fara neman mai sayen firjinsu. Cikinsu wanda ya fi shiga uku shi ne Salifou, ƙanen Husseina, wanda ake bi jaka sittin, ya kuma yi wata huɗu ko dala bai kai ba. Ya je taron, ya yi fushi ya fita tun kafin ƙuri'a.

Wahabu ya kai rakoda gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya sayi littafin rubutu sabo. Kwana shida yana danna wannan yana danna wancan. Batir ya yi sanyi, muryar Alhaji Mahama ta koma kamar ta bijimi a rijiya, sai ya fito da batiran ya shanya a rana. Bai bar komai ba. Addu'ar buɗe taro, gaisuwar mutum goma sha ɗaya da kowannensu ya ce ba zai tsawaita ba, gardamar wanda ya zauna kan hular wani, jaki da ya yi kuka sau biyu, mai fura da ta shigo neman ƙwaryarta. Da ya gama, shafi arba'in da uku ne, kuma shi a ganinsa ya ma yi rowa.

Ya ɗauka ya kai wa jami'in. Mutumin ya auna littafin a tafin hannunsa kamar mai sayen kaza.

"Malam, mene ne wannan?"

"Taƙaitawa ce, ranka ya daɗe."

Jami'in ya buɗe tsakiya ya karanta da ƙarfi: "A nan jaki ya sake kuka." Ya rufe. "Jakin ɗan ƙungiya ne?"

"A'a."

"To cire shi. Da duk wanda bai yanke komai ba."

Wahabu ya dawo gida ransa a jagule. Husseina tana tace gasara a tsakar gida, ta saurari ƙorafinsa har ta ƙoshi, sannan ta ce, "Malam, in na aiki Lauratu kasuwa ta dawo, ba na tambayarta wa ta gani a hanya. Me ta sayo, nawa ta biya, ina canji. Kawo littafin nan, karanta mini, duk inda na ce wuce ka wuce."

Haka aka yi. Ya fara addu'a, ta ce amin, wuce. Gaisuwa, wuce. Hula, wuce. Kowane wuce kamar ana cire masa haƙori. Da suka iso inda aka kira sunaye aka samu mutum arba'in da biyar, ta ce tsaya, wannan cefane ne. Ya duba littafin dokokin ƙungiya da Alhaji ya haɗo masa da shi, ya ga taro ba ya zama sai rabin mutane sun halarta. Arba'in da biyar cikin tamanin ya wuce rabi. Ya rubuta layi ɗaya, ya zauna yana kallonsa da tausayi.

Sai rahoton ma'aji, wata dattijuwa Bafulatana mai suna Daada, mai sayar da nono a Dafango. An ba mutum ashirin da biyu bashi a shekarar, sha shida sun gama biya, uku suna biya a kan kari, uku sun makara. Husseina ta ce tsaya. Da aka zo sunan Salifou ta ce wannan ma tsaya. A kaset ɗin an ji Salifou da bakinsa yana rantsuwa cewa zai riƙa kawo jaka goma duk wata har ya gama, kafin wani ya yi masa dariya ya fusata ya fice.

Doka ta ɗaya ba matsala, an ji mai ƙirga ya ce talatin da takwas. Ta biyu ya ce talatin da uku. A ta uku ne Wahabu ya tsaya cak. An yi hayaniya, Alhaji ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, aka yi shiru na ɗan lokaci, sai Alhaji ya ce, "To kun dai gani da idonku." Aka yi tafi, kaset ya ƙare. Sabon kaset ya fara ne da addu'ar tashi.

"Su sun gani," in ji Wahabu. "Rakoda ba ta da ido."

Ya koma littafin dokoki. A shafi na shida an rubuta cewa abin yau da kullum rinjaye ya isa, amma sauya doka sai kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta. Kashi biyu cikin uku na arba'in da biyar talatin ne cif. Ya waiwayi dogon rubutunsa, ya ga a daidai wannan shirun ya rubuta wata 'yar magana da aka yi can nesa da rakoda, cikin Fulatanci, wadda sai da ya mayar da kaset sau biyar kafin ya kama ta: "Kai Yaro, sauke ɗaya."

"Wuce," in ji Husseina.

"A'a, Maman Lauratu. Yau dai ba zan wuce ba."

Washegari ya sami Alhaji Mahama a kasuwar dabbobi, tsakanin shanu, ya tambaye shi hannu nawa aka ɗaga. Alhaji ya ce da yawa. Ya ce nawa ne da yawa? Alhaji ya ce kamar dawa a gona, ya rubuta an amince kawai, ai shi ne shugaba kuma yana wurin. Wahabu ya ce jami'in lamba yake so, shi kuma ba zai haifi lambar da bai ji ba. Alhaji ya ce to ya je ya tambayi Hammajoda, shi ya ƙirga, amma kuɗin mota a aljihunsa.

Kafin ya tafi sai ga Salifou da cinyar rago a takarda.

"Yaya Wahabu, na ji kana aikin nan. Ai mu 'yan gida ne. Wannan magana ta jaka goma, fushi ne ya sa na faɗa, ba sai ta shiga takarda ba. Ka rubuta Salifou ya yi bayani, shi ke nan."

"Bayanin me?"

"Bayani dai."

Wahabu ya dubi cinyar nan, kitse sai sheƙi yake. Ya fara ba Salifou labarin wani alƙali a Camba da aka kai wa tunkiya, da yadda tunkiyar ta samo asali daga Basar, da wanda ya haifi mai tunkiyar. Bai kai ga alƙalin ba Salifou ya tuna ya bar rumfa ba kowa. Cinyar kuwa Husseina ta bi shi da ita har bakin titi.

Wahabu ya hau motar Dafango da safe, an cusa shi tsakanin buhun doya da wata mata mai zabi huɗu. Suka wuce Kara, suka wuce Kante. A Mango mota ta tsaya shan ruwa, ya nuna wa matar inda ma'auninsa yake a da, ya fara ba ta tarihin gyaɗa. Kafin su kai Bombuwaka ta roƙi direba ya mayar da ita baya wajen kaya.

A Dafango ya sami Daada a bakin kasuwa da ƙoren nononta. Ba ta karatu, amma littafin asusu yana naɗe a zanenta, wani malami ke rubuta mata, kuma ba ya iya ƙara ko dala ba ta kama shi ba. Ta sa Wahabu ya karanta mata abin da ya rubuta na bashi, ta gyara masa wuri ɗaya: Mamadou da ya sa cikin waɗanda suka makara ya biya rabin nasa a ranar taron bayan an tashi.

"Wannan ba a taro aka yi ba, Daada, ba zai shiga cikin abin da taro ya ji ba."

"To mutane su ci gaba da yi masa kallon macuci?"

Suka daidaita a kan zai sa shi a ƙasan takarda, a matsayin bayanin ma'aji bayan taro. Sannan ta nuna masa hanyar rugar Hammajoda.

Hammajoda dogo ne siriri, maganarsa ba ta wuce ta mai ciwon haƙori. Shi ake sa wa ƙirgar hannu saboda mutum ne da ke duban garke sau ɗaya ya ce saura karsana biyu. Wahabu ya gaishe shi, ya tambayi shanu da iyali da ruwan bana, ya soma bayanin yadda aka yi rakoda ta zo hannunsa tun daga karayar sakatare. Hammajoda ya jingina da sanda ya jira kamar mai jiran ruwan sama ya ɗauke.

"Hannu nawa?" in ji Wahabu a ƙarshe.

"Hannu talatin."

Wahabu ya tuna da Salifou. Ya ɗaga alƙalami zai rubuta.

"Mutum ashirin da tara," in ji Hammajoda.

"Ban gane ba."

"Yaro ya ɗaga biyu. Ɗaya nasa, ɗaya wai na wansa da ya tafi Cinkase da shanu. Na ce ya sauke. Ya sauke, ya sake ɗagawa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba a wurin?"

"Ba a tambaye ni ba. Alhaji ya ce an gani."

Sai ya lissafa masa mutanen ashirin da tara ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa ya zauna, da wanda ya ɗaga hagu. Goma sha ɗaya suka ƙi, biyar ba su ɗaga ko'ina ba, cikinsu har da Salifou da ya fita da wani tsoho da barci ya ɗauke. Wahabu ya haɗa, arba'in da biyar daidai. Suka je suka sami Yaron, wanda ashe dattijo ne mai furfura har a gira, sunan ne kawai ya bi shi. Bai musa ba. Ya ce shi da wansa ciki ɗaya suka fito, abin da wansa zai ce ya sani. Wahabu ya buɗe masa inda doka ta ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, kuma ba a jefa wa wanda bai zo ba. Yaro ya ce wanda ya rubuta wannan doka da gani ba shi da ɗan'uwa. Amma ya dangwala yatsa a takardar shaida, Hammajoda da Daada ma suka dangwala.

Da Wahabu ya dawo Sokode ya zauna ya rubuta shafi biyu, har da sauran fili a ƙasa. Rana da wuri da yawan mahalarta. Rahoton bashi, da alkawarin Salifou na jaka goma duk wata. Hannun jari ya koma jaka biyu da rabi, ƙuri'a talatin da takwas, kowa ya cika ragowar kafin babban taro na gaba. Bashi ninki uku na jari da masu tsayawa biyu, ƙuri'a talatin da uku, a kan sabon bashi kaɗai. Shawarar cinye jari ta sami ashirin da tara, ana bukatar talatin, ba ta wuce ba, tsohuwar doka tana nan: wanda ya makara kwamiti ya kira shi a sake tsara masa biya, ba a taɓa jarinsa sai in zai bar ƙungiya, a lokacin a cire bashin a ba shi saura.

Alhaji Mahama ya karanta, ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi.

"Ashirin da tara ya fi sha ɗaya ko bai fi ba?"

"Ya fi, Alhaji."

"To?"

"Bai kai talatin ba."

"Saboda hannu ɗaya! Ni na kawo ka, ni na ba ka rakodata!"

"Kuma ta yi aiki, Alhaji. Ita ta ji Hammajoda."

Alhaji ya ce ba zai sa hannu ba ko za a yanka shi. Kwana takwas takardar tana kan teburinsa. Jami'in ya aiko cewa in ba sa hannu, dokoki biyun da suka wuce ma ba za a yi musu rajista ba, kuma ta biyun Alhaji ne ya kawo ta da kansa, ya shekara uku yana neman ta. A rana ta tara ya sa hannu da ƙarfin da alƙalamin ya huda takarda. Sakatare ya sa nasa da hagu.

An tara 'yan ƙungiya na Sokode bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji, Wahabu ya karanta musu da Hausa. Da ya zo kan doka ta uku Salifou ya yi kabbara ya rungume na kusa da shi. Wani ya ce a sake karanta wurin bashi, bai ji da kyau ba. Wahabu ya sake karanta alkawarin jaka goma a hankali, Salifou ya saki mutumin da ya runguma. Wata biyu bai taka gidan yayarsa ba, amma ya biya, wani watan goma wani watan bakwai da dogon uzuri, har ya gama kafin babbar salla ta zagayo.

A taron da ya biyo baya, a Sokode, aka karanta takardar aka amince da ita kafin a shiga komai, kamar yadda doka ta ce. Alhaji ya sake kawo shawararsa, wannan karon da sassauci: wata shida, bayan gargaɗi biyu, kuma a fara neman masu tsaya wa mutum. Ta sami talatin da shida cikin hamsin da ɗaya. Ya sa Hammajoda ya faɗi lambar sau uku a bakin rakoda, ya kuma zaunar da Yaro a gaba inda yake ganinsa.

Hannun sakatare ya warke a karkace, ya ce shi ya gaji. Alhajin da ya yi rantsuwa ba zai ƙara kallon Wahabu ba shi ya kawo sunansa a naɗa shi sabon sakatare, yana cewa gara mai taurin kan da ka sani. Aka tara masa kuɗin hannun jari ɗaya don ya zama ɗan ƙungiya, tunda doka ba ta yarda bare ya riƙe muƙami ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan aiki, ladansa jaka uku a shekara da kan bijimi duk salla. Da idonsa ya fara rauni ya miƙa wa wani malamin makaranta daga Dafango, ya koma Camba shi da Husseina, inda ya sayi 'yar gona a bayan gari ya shuka rogo.